Kafin a Haƙa Sabuwa, a Tada Wadda ta Mutu

Duk ƙungiyar matasa da ta zauna taron farko, sai wani ya miƙe ya ce a haƙa rijiyar burtsatse. A tafa masa, a buga lissafi, a ga miliyoyi, jikin kowa ya yi sanyi. Alhali a bayan masallaci ko bakin firamare akwai famfon tuƙa-tuƙa da ya shekara a mace, awaki na kwana a gindinsa. Yashe kwata da share maƙabarta aikin gayya ne, ƙarfi kawai suke ci. Kuɗin karo-karo kuwa, a ganina, wannan famfon ya fi cancantarsu.

A ɗauka mutum 40 ne, kowa na ba da naira 500 a wata. Wata uku ke nan an tara 60,000. Ba za ta haƙa komai ba, amma tana iya sayen roba da boris, ta biya makanike, in ciwon ƙarami ne. Saboda haka aikin farko shi ne gano ciwon, kuma ba ya cin ko kwabo.

A je da asuba kafin kowa ya taɓa famfon, a ƙirga bugu. Lafiyayye yakan kawo ruwa cikin bugu biyar ko ƙasa da haka. In sai an daɗe ana fama, ruwan da ya kwana a bututu ya zurare, wato bawul ɗin ƙasa ko mahaɗar bututu na yoyo. Sannan a tara jarka mai lita 20, wadda bugu 50 zuwa 60 ya kamata ya cika ta. In an haura ɗari, robar da ke ɗago ruwa ta cinye. Hannun da ya saki sakwaf, babu nauyi, sarƙa ce ko rodi ya tsinke.

Irin famfon ma abin dubawa ne. Afridev an ƙera shi don mutanen gari su gyara da kansu: ana zaro rodi da roba ba tare da an ɗaga bututu ba. India Mark II kuwa sai an ciro bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3. A nan ne garaje ke jawo asara, domin bututu in ya suɓuce ya faɗa rami, fito da shi ya fi gyaran tsada. Wannan a kira mai sana'ar.

Akwai kuma wanda ba a zuba masa kuɗi: famfon da ke ba da ruwa da damina ya ƙafe da bazara. Ruwan ƙasa ne ya yi nisa, roba ba ta maganinsa.

Bayan gyara kada a cinye ragowar a walima. Ma'aji ya ajiye ta, domin roba takan so canji shekara-shekara. Kuma tun kafin a kwance ƙusa ɗaya, a sanar da mai unguwa, a ji ko famfon na hannun wani kwamiti.