Wace talla ce ta kawo cinikin?

A ce wata mata ta ga tallar takalmi a Facebook ranar Litinin, ta latsa, ta duba, ta fita ba ta saya ba. Ranar Juma'a ta rubuta sunan shagon a Google, ta latsa tallar da ta fito a sama, ta sayi na naira 50,000. Mai shagon ya biya kuɗin talla a wuri biyu, yanzu yana son sanin wanne ya kawo masa kuɗin nan.

Tsohuwar amsa ita ce ta latsin ƙarshe, wadda ake gani a allo da sunan Last click. Hanyar da mai saye ya bi daf da biyan kuɗi ita ke kwashe ladan duka. A lissafin nan Google ya kawo naira 50,000, Facebook bai kawo ko sisi ba. Tsarin yana da sauƙin ganewa, kowa na iya bin sawunsa, shi ya sa ya daɗe. Sai dai yana fifita wanda ya tsaya a bakin ƙofa, kamar ɗan kamashon da ya kama hannun fasinjan da ya riga ya nufo mota, sannan ya nemi la'ada.

Kamfanin eBay ya gwada wannan a 2012. Ya dakatar da biyan tallar da ke fitowa idan mutum ya nemi sunan eBay a Yahoo da MSN. Masana tattalin arziki uku, Blake da Nosko da Tadelis, sun wallafa sakamakon a mujallar Econometrica a 2015: kusan duk mutanen sun ci gaba da shigowa ta sakamakon bincike na kyauta. Tallar da latsin ƙarshe ke yabo ba ita ke kawo su ba.

Tsarin Data-driven tambayarsa daban ce: da babu wannan talla a hanyar, da yiwuwar sayen ta ragu da nawa? Yana kwatanta hanyoyin waɗanda suka saya da na waɗanda ba su saya ba. Ɗaya daga cikin dabarun da aka gina irin wannan lissafi a kansu ita ce ta Lloyd Shapley, wanda ya fitar da ita a 1953 don raba riba tsakanin abokan haɗin gwiwa.

Ga yadda take aiki da alƙaluman misali. A ce cikin mutum 100 da suka latsa Facebook kaɗai, ɗaya ke saye. Cikin 100 da suka bi Google kaɗai, biyu. Cikin 100 da suka bi duka biyun, biyar. Idan aka fara ƙirga Facebook, ya kawo 1. Idan aka ɗora shi a kan Google, ya ɗaga 2 zuwa 5, wato ya ƙara 3. Matsakaicinsa 2 ke nan. Google kuwa ya kawo 2 shi kaɗai, ya ƙara 4 a kan Facebook, matsakaicinsa 3. Sai a raba cinikin matar nan kashi 40 da 60: naira 20,000 ga Facebook, 30,000 ga Google. Wannan ne dalilin da mai talla ke ganin 0.4 a rahotonsa, ya ɗauka na'ura ta lalace.

Kuɗin da ya shiga aljihu bai canza ba, rabon yabo ne ya canza, kuma kasafin talla na wata mai zuwa yabon yake bi. Wanda ya dogara da latsin ƙarshe zai iya rufe Facebook, bayan makonni ya ga masu neman sunan shagonsa a Google sun ragu.

Google ya mayar da Data-driven zaɓin farko ga sababbin ma'aunan ciniki a Google Ads a 2021, sannan a 2023 ya janye tsare-tsare huɗu, ciki har da na latsin farko da na rabon daidai. Latsin ƙarshe da Data-driven ne suka rage.

Amma sabon tsarin ma abin da ya gani kawai yake rabawa. Bai ji tallar rediyo ba. Bai san cinikin da aka ƙulla a WhatsApp aka tura kuɗi ta banki ba, alhali haka 'yan kasuwa da yawa a Kano da Kaduna ke sayar da kaya. Tun da Apple ya fara tambayar masu iPhone izinin bibiya a Afrilun 2021, guntayen hanyoyi da yawa sun ɓace. Ƙaramin shago mai ciniki kaɗan a wata ba shi da isassun bayanai, don haka rabonsa kan yi ta tsalle ko ya koma kusan na latsin ƙarshe. Mai shago kuma ba ya iya buɗe lissafin ya duba, ga shi kamfanin da ke aunawa shi ke sayar da tallar, abin da ya isa a yi hattara.

Idan tsare-tsaren biyu suka saɓa sosai a kan wata hanya, matakin da ya dace shi ne gwaji irin na eBay: a kashe tallar a wasu garuruwa na 'yan makonni, a bar ta a wasu masu kama da su, a kwatanta jimillar ciniki.