Garin zogale: Abin da ke cikin cokali ɗaya, da waɗanda ya kamata su yi hattara

A Gabi, wata ƙaramar hukuma da ke gundumar Madarunfa a kudancin birnin Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, zogale abinci ne tun kaka da kakanni. Ana dafa ganyen a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ana zuba shi a dambu, kuma idan azumi ya kama, da wuya a sha ruwa ba a gan shi a faifai ba. Wasu a yankin na kiran sa tamaka, wasu 'yar Makka.

Sabon abu shi ne garin. A 'yan shekarun nan ana busar da ganyen a daka, a ƙulla a leda ko a zuba a roba, a kai Maraɗi, Yamai, Katsina da Kano, har ma a aika wa 'yan uwa da ke ci-rani a Agadas, Aljeriya, Saudiyya ko Turai. Matasa da dama sun mayar da shi abin sha kullum da safe, a koko ko a ruwan ɗumi, bisa abin da suke gani a shafukan sada zumunta cewa ya fi madara, ya fi lemu, ya fi nama.

Ga baligi mai lafiya, cokali ɗaya ko biyu na garin ganye mai tsabta a rana abinci ne, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su nuna illa a wannan adadin ba. Sai dai abin da ke cikin cokalin bai kai yadda ake kururutawa ba, kuma haɗarin da ake samu yawanci daga lambu da wurin shanya yake tasowa, ko daga wanda ya ajiye maganin asibiti ya koma wa zogale.

Lissafin cokali ɗaya

Alƙaluman da ake yaɗawa kusan duk na giram 100 ne na busasshen gari. A wannan ma'aunin ana samun kimanin giram 27 na furotin mai gina jiki, miligiram 2,000 na kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, miligiram 28 na sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, sai bitamin C kusan miligiram 17. Akwai kuma fotasiyam da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, dukansu da yawa. Adadin na hawa yana sauka bisa ga irin ƙasa, shekarun ganye da yadda aka shanya shi.

To amma wa ke cin giram 100 na garin zogale a rana? Babban cokalin cin abinci, idan aka cika shi ya yi tozo, giram 8 yake ɗauka. Ke nan sai an sha cokali goma sha biyu da ɗoriya kafin a kai ga waɗancan alƙaluman, abin da ciki ba zai lamunta ba.

A ɗauki misalin matashiya mai nauyin kilo 60 da ke zuba cokali ɗaya a kokonta kowace safiya. Furotin da ta samu giram 2 ne da 'yan kai, alhali jikinta na buƙatar kusan giram 50 a rana. Ƙwai ɗaya ya ninka wannan kusan sau uku. Bitamin C kuwa bai kai miligiram 2 ba cikin 75 da take buƙata, domin shanya da zafi suna lalata shi. Ɗanyen ganye ya fi, amma shi ma a ma'aunin ma'aikatar noma ta Amurka kusan miligiram 52 yake da shi a giram 100, wato daidai da lemun zaƙi. Maganar ninki bakwai da ake yi ba ta shafi garin da ke cikin leda ba sam.

Inda cokalin ya yi abin kirki shi ne kalsiyam da bitamin A. Miligiram 160 na kalsiyam kusan kashi ɗaya ne cikin shida na buƙatar baligi, kuma wannan ba abin rainawa ba ne a gidan da nono ba kullum ba ne, ko da yake wani ɓangare nasa a ɗaure yake da sinadarin okzalet, jiki ba ya iya zuƙarsa duka. Shi kuwa bitamin A na ganye sai da maiƙo yake shiga jiki sosai. A nan matan Gabi sun riga masana: kwaɗon da aka yi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ya fi garin da aka kaɗa a ruwan zafi zalla amfani, ga ƙarin furotin daga ƙulin.

Batun ƙarin jini

Babu abin da ake tallata garin zogale da shi kamar ƙarin jini, kuma a nan ne ya fi ba da kunya. Cokali ɗaya na da kimanin miligiram 2 na sinadarin ƙarfe, mace baliga kuma na buƙatar 18 a rana, mai juna biyu 27. Ko waɗannan biyun ma kaɗan ne ke wucewa daga hanji zuwa jini, saboda ganyen na ɗauke da wasu sinadarai masu riƙe ƙarfen. Idan aka bi shi da shayi mai kauri, kamar yadda ake yi a majalisun samari, abin da ke shiga ya ƙara raguwa. Matsa lemun tsami a kai yana ɗan taimakawa.

Masu bincike a jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar sun gwada wannan, suka wallafa sakamakon a shekarar 2011. Sun raba mata masu shayarwa da ke fama da ƙarancin jini gida biyu. Wasu suka riƙa cin giram 100 na garin zogale a mako, wato kusan cokali biyu a rana, sauran kuma aka ba su ƙwayar ƙarin jini ta asibiti. Bayan wata uku jinin duka ɓangarorin ya ɗan hau, amma na masu shan ƙwaya ya fi hawa, kuma su kaɗai ne ajiyar ƙarfe ta jikinsu ta ƙaru. Ta masu cin zogale ba ta motsa ba.

Ƙwayar da ake ba mata a wurin awon ciki, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, na ɗauke da miligiram 30 zuwa 60. Mai cikin da ta ajiye ta saboda tana sa ta tashin zuciya, ta koma wa cokalin zogale, ta musanya sittin da biyu ne. Haka abin yake ga yaro mai tamowa, cutar da gundumar Madarunfa ta daɗe tana fama da ita a lokacin damina. Garin zogale a kunun yaron da ya wuce wata shida ƙari ne mai kyau, amma cokalinsa bai kai kalori 30 ba, yayin da ƙunshi ɗaya na abincin gyaɗa da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa ke da 500. Yaron da ƙafarsa ta kumbura ko ya daina cin abinci, asibiti ya kamata a kai shi a ranar.

Su wa za su yi hattara?

A gwaje-gwajen da aka wallafa, akwai waɗanda suka sha giram 8 kullum har kwana 40, akwai kuma waɗanda suka ci giram 50 a zama ɗaya, ba a ga wata illa ba. Gwaje-gwajen gajeru ne kuma mutanen ba su da yawa, shi ya sa hukumar ANVISA ta Brazil ta hana sayar da kayan abinci na zogale a 2019, tana cewa ba a gabatar mata da isasshiyar shaidar aminci ba. Ga wanda zai fara, dabarar ita ce ƙaramin cokalin shayi na 'yan kwanaki kafin a ƙara. Alamar an wuce gona da iri a fili take: murɗar ciki, kumburi da gudawa.

Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko yake allurar insulin ya kamata ya sanar da likitansa, saboda zogale na iya ƙara saukar da suga. Rawar jiki, gumi mai sanyi da jiri bayan an sha alamu ne na sugan ya faɗi da yawa. Haka mai shan maganin hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai maganin maƙoƙo. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ko ya taɓa yin tsakuwar ƙoda shi ma ya nemi shawara, saboda fotasiyam da okzalet ɗin da ke ciki. An kuma samu rahotanni ƙalilan na ciwon hanta a wurin masu shan ƙwayoyin zogale, don haka wanda idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu ya dakata ya je a duba shi.

Duk wannan bayani a kan ganye ne. Saiwa da ɓawo daban suke, suna da sinadarai masu guba, kuma an san suna iya motsa mahaifa. Mai juna biyu ta ci kwaɗonta, amma ta nisanci duk wani haɗi da aka ce an sa saiwa a ciki, ko wanda ba a faɗi abin da ke cikinsa ba.

Daga lambu zuwa leda

Babban abokin gabar mai lambun zogale a kwarin Gulbin Maraɗi wata tsutsa ce da masana ke kira Noorda blitealis, wadda ke iya cinye ganyen lambu cikin 'yan kwanaki. Manoma da yawa feshi suke yi, ganyen kuma ana yankan sa akai-akai. Idan ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin ba kafin a yanka, ragowar gubar na biyo ganyen. Mai dafa ɗanye yana wankewa ya tafasa ya zubar da ruwan. Mai shan gari ba shi da wannan kariyar, ga shi kusan kilo huɗu zuwa biyar na tsigaggen ganye ne ke komawa kilo ɗaya na gari, duk abin da ke jikinsa ya taru wuri guda.

Sai shanya. Ganyen da aka baza a ƙasa cikin rana, kaji da awaki suna ratsawa, ya rasa bitamin A mai yawa, ya kuma kwashi ƙura da kashin dabbobi. Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A ƙarshen 2025 hukumomin lafiya na Amurka sun danganta ɓarkewar ƙwayar cutar salmonela da garin zogalen da aka shigo da shi daga Indiya, aka janye kayan daga kantuna. Kyan kwali ba shaidar tsabta ba ce.

Hanyar da ta dace ita ce a wanke ganyen da ruwa mai tsabta, a tsige shi daga kara, a baza shi siriri a kan raga ko tsabtataccen zane da aka ɗaga daga ƙasa, a inuwa inda iska ke ratsawa, har sai ya riƙa murmushewa a hannu. A rani kwana biyu zuwa huɗu sun isa. A damina ne ake yin asara, domin ganyen da bai bushe sarai ba yana yin fumfuna a cikin leda.

Mai saye zai iya ganewa da ido da hanci. Gari mai kyau kore ne shar, yana ƙanshin ɗanyen ganye, kuma ba ya dunƙulewa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya sha rana ko ya tsufa, wanda ke warin rima ya sha danshi, wanda ke gurzar haƙori kuma da yashi a ciki. A ajiye shi a roba mai murfi wadda haske ba ya ratsawa, a ɗiba da busasshen cokali, a kuma gama da shi cikin wata shida. Idan ba a san inda aka shanya shi ba, musamman idan yaro ko mai ciki za a ba, a zuba shi a kunu ko miya tun tana kan wuta, a bar shi ya tafasa na 'yan mintuna kafin a sauke.