In Faifan Kwamfutarka Ya Ɓace Ya Dawo, Fara Da Kwashe Kayanka

Tsohon faifai mai juyawa yakan yi ƙara ko ya riƙa jan ƙafa kafin ya mutu. Shi kuwa SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, don haka gargaɗinsa daban ne: kana cikin aiki kwamfuta ta daskare, ka sake kunnawa ta rubuto maka "No bootable device", ka leƙa BIOS ka tarar babu ko sunansa. Bayan ta huce, sai ga shi ya dawo lafiya lau.

Wani lokaci matsalar ƙarama ce: waya ta saki, faifan bai zauna daidai a gurbinsa ba, ko zafi ya yi masa yawa. Wani lokaci kuma ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da shi ce ta fara taɓuwa. Ita ce ke riƙe da taswirar inda kowane fayil yake, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya dagula wannan taswira. Manhajar cikinsa ma takan zo da aibi. A 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu faifansa za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, in ba a sabunta manhajarsu ba.

Saboda haka in ya dawo, kada ka tsaya bincike. Jona wani faifai na waje, ka fara kwashe abin da ba shi da madadi: takardun aiki, lissafin kasuwanci, hotunan iyali. Fina-finai su jira. Kada ka taɓa `chkdsk`, kada ka sabunta manhajarsa tukuna, domin duk rubutu ne a kan faifan da ke tangal-tangal.

Sai ka gama sannan ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo a Windows, ko wannan umarni a Linux:

```
sudo smartctl -a /dev/nvme0
```

A ce ka ga `Percentage Used` 7%, `Available Spare` 100%, `Media and Data Integrity Errors` 0, amma `Unsafe Shutdowns` ya kai ɗaruruwa. Ma'ajiyar ba ta tsufa ba ke nan. Zargi ya koma kan wuta, zafi ko zaman faifan. In kuwa kurakurai na ƙaruwa daga yau zuwa gobe, ko ajiyar ko-ta-kwana ta gangaro kusa da 10%, nemi sabo kawai.

Kalmar "Good" a allo kada ta ruɗe ka. Alƙaluman sun fi auna tsufan ma'ajiya, ba sa hango ranar da ƙwaƙwalwar za ta tsaya cak. In ta tsaya, ciro bayanai sai ƙwararru masu kayan aiki na musamman, da kuɗi mai yawa, kuma ba tabbas. Faifan da ya sake ɓacewa bayan an gyara masa zama, kada a ƙara ba shi amanar abin da babu kwafinsa a wani wuri.