Sharar Kwamfutar Gida Sau Ɗaya a Wata

A kwamfutar da iyali ke rabawa, bidiyon biki da ake kwasowa daga waya ne ke cinye wuri. Na minti goma kan haura gigabait ɗaya.

Ku ware Asabar ɗin farkon wata. A Windows ku shiga Settings, System, Storage, ku ga abin da ya kumbura. Ku buɗe Downloads, ku jera fayiloli bisa girma, ku duba goma na sama kawai. Bidiyon da ake so a mayar da shi faifan waje, amma a kunna shi a can tukuna kafin a goge na ciki, don kwafi kan lalace.

Sannan ku zazzage Recycle Bin. Muddin fayil yana cikinsa, yana nan riƙe da wurinsa.