Manazartar Bogi A Rubutun Ɗalibai: Yadda Malami Zai Gane Aikin Na'ura

Sanin duk wanda ya taɓa zama a aji ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko wata babbar makaranta irinta, cewa shafin ƙarshe na muƙalar ɗalibi, wato jerin manazarta, shi ne shafin da malamai suka fi yi wa kallon tsoro. Da yawa sukan duba ne kawai ko an jera sunaye bisa tsarin abacada, ko an sa shekara a inda ya dace, sannan su rufe. To amma tun daga ƙarshen watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT ga jama'a, wannan shafi ya zama wurin da ya fi kowane tona asirin rubutun da na'ura ta yi.

Dalili kuwa yana cikin yadda manhajar ke aiki. Idan ba a haɗa ta da hanyar bincike a intanet ba, ba ta buɗe wani kundin littattafai ta kwafo suna daga ciki. Aikinta shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da ita a kansa. Saboda haka ta san siffar madogara sarai: sunan marubuci, shekara, take, sunan mujalla, juzu'i da shafuka. Idan aka nemi ta kawo madogara a kan batun da ba a yi rubutu da yawa a kansa ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Takan ɗauko sunan masani na haƙiƙa, ta haɗa shi da mujalla ta haƙiƙa, ta ɗinka musu taken da ba a taɓa rubutawa ba.

Wannan ba zato ba ne. A 2023, William Walters da Esther Wilder sun wallafa wani nazari a mujallar Scientific Reports, inda suka bi diddigin madogarai 636 da ChatGPT ta kawo a gajerun muƙalu 84. Sun gano kashi 55 cikin ɗari na waɗanda samfurin GPT-3.5 ya bayar ƙirƙira ce tsantsa, na GPT-4 kuwa kashi 18. A wannan shekarar dai wani alƙali a birnin New York, P. Kevin Castel, ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, domin sun kafa hujja da hukunce-hukuncen kotu shida da babu su a duniya. Manhajojin sun inganta tun daga lokacin, amma cutar ba ta warke ba, kuma ta fi tsanani ne a batutuwan da suka shafi ƙananan garuruwa, irin waɗanda ɗalibanmu suka fi rubutu a kansu.

Bari mu ɗauki misali domin mai karatu ya ga yadda aikin yake a zahiri. A ƙaddara an ba wani ɗalibi aikin rubutu a kan noman rake a Likoro, tsohon garin nan na Ƙaramar Hukumar Kudan a arewacin Jihar Kaduna, sai ga wannan layi a jerin manazartarsa. Ni na tsara shi da gangan don wannan bayani, babu irin wannan muƙala:

Hill, P. (1974). Sugarcane Farmers of Likoro. Journal of Modern African Studies, 9(3), 211–230. doi:10.1016/jmas.1974.0932

A kallon farko biri ya yi kama da mutum. Polly Hill masaniya ce ta gaske wadda ta yi rubutu a kan tattalin arzikin karkarar ƙasar Hausa, mujallar ma ta gaske ce. Amma matakin farko na tantancewa ba ya ma buƙatar intanet, lissafi ne kawai. Wannan mujalla ta fara fita a 1963, juzu'i ɗaya kowace shekara. Ke nan juzu'i na 9 na 1971 ne, na 1974 kuwa shi ne na 12. Shekara da juzu'i sun saɓa, wannan ita ce ɓaraka ta farko. Duk malamin da ya riƙe shekarar da manyan mujallu biyar ko shida na fanninsa suka soma, zai iya wannan lissafi cikin daƙiƙa kaɗan.

Mataki na biyu shi ne lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake bai wa muƙala. Kullum takan fara da 10, sai ɗigo, sai wasu lambobi da ke nuna wanda ya yi mata rajista. Madaba'ar Jami'ar Cambridge, wadda ke buga wannan mujalla, tana amfani da 10.1017, ita kuwa 10.1016 ta kamfanin Elsevier ce. Sai a je shafin doi.org a saka lambar. Ɗayan abu uku zai faru: ko ta kai ka ga ainihin muƙalar, ko a ce ba a san lambar ba, ko ta kai ka ga wata muƙala dabam, ta likitanci ko ta kimiyyar sinadarai, wadda ba ruwanta da rake. Na ukun nan alama ce mai ƙarfi, domin wanda ya buɗe muƙala da kansa ya kwafo lambarta ba kasafai yake faɗawa wannan ramin ba.

Mataki na uku, a saka taken cikin alamar zance a Google Scholar, sannan a nema a search.crossref.org. Idan littafi ne, a duba WorldCat, idan mujallar Afirka ce a leƙa African Journals Online. Mataki na huɗu kuwa shi ne mai yanke hukunci: a buɗe shafin mujallar, a je juzu'in da fitowar da aka ambata, a karanta jerin abubuwan da ke ciki. Idan muƙalar wani ce ke zaune a kan waɗannan shafuka, ko kuma shafukan ma ba su faɗo cikin wannan fitowar ba, magana ta ƙare. A nan ne masaniyar malami ke ƙara haske. Wanda ya san fannin ya san cewa littafin Polly Hill na 1972, Rural Hausa, a kan Batagarawa ta kusa da Katsina yake, na 1977 kuma a kan karkarar Kano. Na'ura ta ɗauki sunan da ya dace da batun ne ta kai shi garin da ake bukata.

Sai dai a nan ne kuma ya kamata malami ya yi hattara, domin rashin samun abu a intanet ba hujja ba ce ta cewa babu shi. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan ƙasar Zazzau bai da lambar DOI. Binciken da David Norman ya yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a kan ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ya fito ne a jerin takardun da cibiyar ke bugawa da kanta. Haka kundayen digiri, da takardun taron ƙara wa juna sani, da fayilolin Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da na Gidan Arewa. Ɗalibin da ya sha ƙura a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ya tono irin waɗannan, shi ne ya fi kowa ƙoƙari, kuma shi ne zai fara shiga uku idan malami ya mai da Google Scholar alƙalinsa. Ƙa'idar ita ce: madogarar da ta yi iƙirarin fitowa a babbar mujallar duniya, dole a same ta a shafin mujallar. Wadda ta ce kundin digiri ce, sai a tambayi ma'aikatan ɗakin karatu ko sashen da aka ambata.

Haka nan, ba kowace madogara marar tushe ce aikin na'ura ba. Tun kafin zuwan waɗannan manhajoji, ɗalibai na kwafar jerin manazarta daga tsofaffin kundaye ba tare da sun ga littattafan ba, masu buga rubutu a shagunan bakin makaranta kuma na ƙara nasu kurakuran. Amma kuskuren ɗan'adam yana da kamanninsa: harafi ya faɗi a suna, 1960 ta koma 1966, an manta sunan maɗaba'a. Idan ɗalibi ya rubuta littafin M. G. Smith, Government in Zazzau, da shekarar da ba 1960 ba, da ka gyara sai littafin ya bayyana. Ƙirƙirar na'ura kuwa tsaf take, babu waƙafi ɗaya da ya ɓace, amma duk yadda ka juya ta ba za ka iske komai a bayanta ba. Guda ɗaya cikin ashirin na iya zama tuntuɓe, shida ko bakwai masu wannan siffa sun wuce tuntuɓe. Wani lokaci ma adireshin shafin da ɗalibi ya kwafo kan ƙare da utm_source=chatgpt.com, wanda ke nuna daga inda aka ɗauko shi, ko da yake bai tabbatar da cewa na'ura ce ta rubuta muƙalar duka ba.

Akasin haka ma gaskiya ne. Manhajojin yanzu da ke iya bincike a intanet sukan kawo madogarai na haƙiƙa, sai su jingina musu maganar da marubutan ba su faɗa ba. Don haka bayan an tabbatar da cewa muƙala tana nan, sai a zaɓi biyu ko uku a buɗe shafin da aka ambata, a ga ko zancen yana wurin.

Me ya sa za a sha wannan wahala alhali akwai manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura? Domin abin da suke bayarwa kintace ne. Shi kansa OpenAI ya janye tasa manhajar a watan Yuli na 2023 saboda ƙarancin daidaito. Wani nazari na masu bincike a Jami'ar Stanford a wannan shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗora wa fiye da rabin rubutun jarrabawar waɗanda Turanci ba harshensu na uwa ba ne tambarin na'ura bisa kuskure. Ɗalibanmu kuwa suna cikin wannan rukuni. Madogarar bogi ita ce hujjar da kowane ɗan kwamitin ladabtarwa zai iya sake gwadawa da hannunsa ya sami sakamako iri ɗaya.

Abin da ya rage shi ne a ji ta bakin mai aikin. A kira ɗalibi, a ba shi kwana biyu ko uku ya kawo kwafin muƙalar, ko hoton shafinta na farko, ko lambar da littafin yake ɗauke da ita a ɗakin karatu. Wanda ya karanta zai kawo, wanda bai karanta ba ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan za a rubuta tuhuma, a rubuta abin da aka tabbatar, wato kafa hujja da madogarar da babu ita, domin wannan laifi ne ko wa ya ƙirƙiro ta. Zai kuma fi sauƙi ga kowa idan sassa suka shar'anta tun farko cewa kowace madogara ta zo da lambar DOI, ko adireshinta, ko hoton shafinta. Ta haka malami mai takardu ɗari uku a gabansa zai iya zaɓar uku daga kowace muƙala ya gwada, ɗalibi kuma ya san tun kafin ya miƙa aiki cewa shafin ƙarshe ma za a karanta shi. Allah Ya sa mu dace.