Abin da Lambobi Uku Ke Faɗa Kan Ɗigon DNA

Idan aka gama tace DNA daga jini ko daga ganye, abin da ke rage a gindin 'yar kwalba bai wuce ɗigon ruwa garai ba. Ba launi, ba wari. Ido ba zai iya cewa akwai DNA a ciki ba, balle ya ce nawa ne, ko kuma da me ya gauraya. Amma duk aikin da zai biyo baya, ko gwajin sikila ne ko binciken irin wake mai jure fari, a kan wannan ɗigon zai tsaya. Shi ya sa masu aikin ɗakin gwaji ba sa wucewa gaba sai sun haska shi a na'ura sun karanta lambobi uku.

Na'urar tana aiki ne da hasken da ido ba ya gani. Mai sauraron rediyo ya san kowace tasha da mitarta, in ya karkata kaɗan sai ya faɗa wata. Haske ma yana da nasa zango, ana auna shi da nanomita, kuma kowane sinadari da zangon da ya fi shanyewa. DNA ya fi shanye haske a kan nanomita 260. Furotin ya fi shanyewa a kan 280, saboda wasu tubala biyu da ke jikinsa, tiriftofan da tayirosin. A wajajen 230 kuwa tarkace ne ke taruwa: gishirin gwanidin da ake fasa ƙwayoyin halitta da shi, da fenol, da sitaci ko yauƙin tsirrai. Na'urar na aika haske ta cikin ruwan, ta auna abin da ya ɓace a hanya, ta rubuta shi a matsayin A260, A280 da A230. Tsofaffin na'urori na buƙatar ɗan kofin kwaz mai faɗin santimita ɗaya. Na zamani irin su NanoDrop maikurolita ɗaya ko biyu ya ishe su, wato kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na mililita.

Lissafin yawa shi ne mai sauƙi. An san cewa idan haske ya ratsa santimita ɗaya na ruwa, A260 ta nuna 1.0, to akwai nanogiram 50 na DNA mai igiya biyu a kowace maikurolita. Ga RNA adadin 40 ne, ga DNA mai igiya ɗaya kuma 33. A ɗauka wata ɗalibar digiri na biyu ta tace DNA daga jinin mutane uku don gwajin sikila. Ta ɗebi maikurolita 5 daga kwalba ta farko, ta zuba a cikin 95 na ruwan narkarwa, ta sirka shi ninki 20 ke nan. Na'ura ta ba ta 0.150 a kan 260. Sai ta ninka 0.150 da 50, ta sake ninkawa da 20, ta samu nanogiram 150 a kowace maikurolita. Wannan ya ishi gwajin PCR da yawa.

Sai dai lambar 260 ba ta san DNA ba, haske kawai ta sani. Duk abin da ya shanye haske a wurin, za ta lissafa shi a matsayin DNA. Nan ne amfanin raba lambobin yake.

A kwalbar farko A280 ta nuna 0.082. Idan aka raba 0.150 da 0.082 ana samun 1.83. DNA mai tsafta na ba da kusan 1.8, RNA mai tsafta kuma kusan 2.0. A230 ta nuna 0.070, rabon ya zama 2.14, kuma abin da ake so a nan tsakanin 2.0 ne da 2.2. Wannan kwalba ta haye, babu abin cewa.

Kwalba ta biyu ita ma 0.150 ta bayar a kan 260, har ɗalibar ta fara murna. Amma A280 ta kai 0.100, rabon ya faɗo 1.5. Akwai abin da ke shan haske a kan 280 fiye da kima. Wanda aka fara zargi shi ne furotin, kuma a jini zargin na da tushe, domin jini cike yake da shi. Yakan faru idan an ɗora jini fiye da ƙarfin matatar, ko kuma ba a ba sinadarin da ke narkar da furotin, wanda ake sayarwa da sunan Proteinase K, isasshen lokaci a ɗumi ba. Idan kuma ruwan na da ɗan jaja-jaja, ragowar jan sinadarin jini ne, kuma an san yana hana PCR aiki.

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, wannan rabo bai da kaifi wajen gano furotin. Tarihinsa ne ya nuna dalili. Masana biyu na Jamus, Otto Warburg da Walter Christian, su suka fito da hanyar a farkon shekarun 1940, kuma nufinsu akasin na yau ne: suna neman gano ɗan DNA ko RNA da ya gurɓata furotin. Ta wannan fuskar hanyar na da kyau ƙwarai, domin DNA ya fi furotin shan haske nesa ba kusa ba, kaɗan daga cikinsa ya isa ya sauya lambar. Da aka juya ta, sai ƙarfinta ya ragu. Furotin zalla na ba da rabo kusan 0.6, amma sai ya yi yawa sosai kafin ya iya janyo rabon DNA ƙasa. Ma'anar wannan biyu ce. Samun 1.8 bai wanke kwalba daga furotin ba. Samun 1.5 kuma, in har furotin ne sila, yana nufin ba kaɗan ba ne a ciki.

Saboda haka gogaggen ma'aikaci ba ya tsayawa kan furotin, sai ya tambayi yadda aka yi tatar. Idan tsohuwar hanyar fenol da kulorofom aka bi, fenol ne abin tsoro. Ya fi shan haske a wajajen 270, tsakanin lambobin biyu ke nan, don haka yana ɓata rabon, yana kuma kumbura A260. Nanogiram 150 ɗin nan na iya zama ba DNA ba ne duka. Ana gane shi a zanen da na'ura ke fitarwa: maimakon tudun ya tsaya daidai kan 260, sai ya karkata zuwa 270. Maganinsa a sake wankewa da kulorofom, a kwantar da DNA da etanol, a narkar da shi sabo.

Akwai kuma dalilin da ba datti ba ne sam. Ruwan da aka narkar da DNA a ciki yana sauya lambar. Tataccen ruwa da ya jima a buɗe yana shan iskar kabon ya ɗan yi tsami, kuma ruwa mai tsami na iya rage rabon da 0.2 zuwa 0.3. DNA ɗin da zai ba da 1.8 a ruwan TE mai pH 8 zai iya ba da 1.5 ko 1.6 a irin wancan ruwa, alhali bai da laifin komai. Kafin ɗalibar ta zubar da aikin yini guda, ya kamata ta sake aunawa a ruwan TE, ta kuma tabbata da wannan ruwan ta saita sifilin na'urar. Saita sifili da wani ruwa daban, ko a kan bakin na'urar da wani ya bar busasshen ɗigonsa, yana haifar da lambobin da ba su da kai balle gindi.

Kwalba ta uku ita ce irin wadda aka fi cin karo da ita. Rabon 260 da 280 ya yi kyau, 1.85. Amma A230 ta haura zuwa 0.250, rabon na biyu ya zama 0.6. Tunda matata ta kamfani ɗalibar ta yi amfani da ita, kusan babu shakka gishirin gwanidin ne ya bi DNA ya fito, saboda wankin bai isa ba. Da ganyen rogo ko na dawa ta tace, sai a fi zargin sitaci da yauƙin ganyen. Ƙarin wanki da ruwan etanol na kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari yakan kawar da gishirin, sannan a bar matatar ta bushe, domin shi ma etanol yana hana PCR aiki, kuma lambobin nan uku ba sa tona shi yadda ya kamata.

Shin sai an zubar da kwalba ta uku? Ba lallai ba. Gishiri kaɗan ya isa ya rushe rabon 230, kuma sau da yawa PCR na yau da kullum yana tafiya lafiya da irin wannan DNA, musamman idan an sirka shi. Amma idan za a aika shi kamfanin karanta jerin DNA, inda ake biya da kuɗin waje, gara a sake wanke shi tun a gida, domin kamfanonin sukan gindaya nasu sharaɗi kan waɗannan lambobi.

Duk wannan karatu yana rushewa idan DNA ya yi kaɗan. A ce A260 ta nuna 0.020, A280 kuma 0.011. Rabon 1.82 ne. Idan ƙura ko kumfa ta ƙara 0.002 kacal a kan lamba ta biyu, rabon ya koma 1.54. Babu abin da ya sauya a cikin kwalbar. Shi ya sa masu aikin ba sa ɗora hukunci kan rabon samfurin da bai kai nanogiram 10 zuwa 20 a maikurolita ba. Wasu kan duba 320 ma, inda DNA da furotin ba sa shan haske. Idan an ga wani abu a can, ruwan ne ya yi gurɓi, sai a cire wannan adadin daga sauran.

Rabon da ya haura ma yana da nasa labari, a taƙaice. Idan DNA ya ba da 2.0 ko sama, RNA ake zargi, kuma shi ma ya shiga lissafin yawa ya kumbura shi. Na'ura irin Qubit, wadda ke amfani da rini mai kama DNA mai igiya biyu kawai, ita ke raba gardama, kuma sau da yawa lambarta tana ƙasa da ta NanoDrop.

Abu ɗaya kuma babu rabon da ke nuna shi: ko DNA ɗin yana nan da tsawonsa ko ya kakkarye. Wanda ya daddatse, kamar na jinin da ya yi ta narkewa da daskarewa saboda ɗauke wuta, zai iya ba da 1.8 cif, A260 ɗinsa ma ta ɗan ƙaru. Wanda ke son sanin wannan sai ya zuba samfurin a kan jel na agaros ya sa masa lantarki. DNA lafiyayye yana tsayawa a sama a layi guda mai kauri, karyayye kuma yana jan shafe har ƙasa.