Awa 168 a hannun ɗalibi baƙo a Jamus: yadda zai raba su tsakanin karatu, aiki da Jamusanci

Ɗalibin da ya sauka Jamus a watan Oktoba yakan dubi jadawalin laccocinsa ya yi murna. Awa 20 kacal a aji cikin mako guda, wata ranar ma babu komai. Sai ya ce a ransa ga sarari ya samu, bari ya nemi aiki a gidan abinci ko a sito ya cike gurbin. Daga nan matsalar yawancin ɗalibai baƙi take farawa, domin jadawalin da jami'a ta liƙa yana nuna kashi ɗaya ne cikin uku na aikin da take jira daga gare shi. Sauran kashi biyun babu mai kiran suna a kansu, babu mai tambaya ko an yi, sai ranar jarrabawa.

Jami'o'in Turai suna auna nauyin karatu da tsarin da ake kira ECTS, inda kowane kwas yake da adadin kiredit. A yawancin jami'o'in Jamus kiredit ɗaya yana nufin aikin awa 30, kuma cikakken zangon karatu kiredit 30 ne, wato awa 900. Ɗauki kwas guda mai kiredit 6: awa 180 ke nan. In ana shiga ajinsa awa 4 a mako har mako 15, an ci awa 60. Ragowar 120 ɗin na ɗalibi ne shi kaɗai da littafinsa da takardun atisayen da malami ke bayarwa duk mako. Ma'ana, kowace awa ɗaya ta aji tana jan awa biyu a bayanta. In aka baza awa 900 ɗin a kan makonnin lacca da na jarrabawa, ana samun kimanin awa 40 a mako, daidai da na cikakken ma'aikaci. Kuma wannan lissafi an yi shi ne da ɗalibin da ya tashi cikin tsarin, wanda ba ya tsayawa duba ƙamus, ba ya ɓata safiya guda a ofishin kula da baƙi.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba da ta taso daga Kano ko Damagaram don yin digiri na biyu a fannin injiniya, kwas ɗin da ake koyarwa da Turanci, tana kuma son ta iya Jamusanci. Mako yana da awa 168. Barcin awa 8 a kowane dare ya ɗauke 56. Girki, cin abinci, wanka, salla, wanki da cefane sun ɗauke kamar 25, domin a can babu ƙanwa ko 'yar aiki da za ta ɗora mata tukunya, kuma manyan kantuna a rufe suke ran Lahadi. Zirga-zirga a bas da jirgin ƙasa ta ci 10. Abin da ya rage 77 ne. Cire 40 na karatu, saura 37. Wannan 37 ɗin ita ce dukiyarta, daga ciki za a fitar da aikin neman kuɗi, da koyon harshe, da hutu, da kiran gida, da ranar da mura za ta kwantar da ita.

Dokar Jamus, tun daga watan Maris na 2024, ta ba ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai damar yin aikin cikakken yini 140 a shekara, ko rabin yini 280, kuma a lokacin da ake lacca iyakar da aka saba kiyayewa ita ce awa 20 a mako. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan 20 ɗin tamkar farilla, alhali iyaka ce aka shata. In ɗalibarmu ta karɓi awa 20, saura 17. Ta ba Jamusanci 10, saura 7 a mako gaba ɗaya, awa ɗaya a rana. Irin wannan jadawali yana da kyau a takarda, amma jirgi ɗaya ya makara ko mai gidan aiki ya ce ta ƙara awa biyu, sai ya rushe. In ya rushe kuwa, awannin karatun gida ne ke biya, tunda su kaɗai ne babu mai tsaronsu.

Ni a ganina awa 16 ta fi mata, kuma lissafin kuɗi ma yana goyon bayan haka. Mafi ƙarancin albashi a Jamus daga Janairun 2026 Yuro 13.90 ne a awa. Awa huɗun da ke tsakanin 16 da 20 suna kawo kimanin Yuro 240 a wata kafin a cire abin da ake cirewa, wato Yuro 1,440 a wata shida. Ita kuwa gwamnatin Jamus, tun 2024, ta ƙiyasta kuɗin zaman ɗalibi a kan Yuro 992 a wata, shi ne abin da ake nema a nuna a asusu kafin a ba da biza. In waɗannan awa huɗun suka jawo ta faɗi kwas biyu har aka ƙara mata zango guda, zangon zai ci mata kusan Yuro 6,000. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yadda aka jera awannin aikin ma yana da tasiri. Awa 16 da aka yanka gida huɗu, kowace rana awa 4, tana nufin tafiya da dawowa sau huɗu, da yammaci huɗu da mutum zai dawo a gajiye ya kasa buɗe littafi. In ta samu ta haɗe su a yini biyu, misali Asabar da wata ranar da babu lacca, sauran kwana biyar sun zama nata. Aikin dare ya fi kowanne ɓarna: wadda ta tashi daga aiki ƙarfe ɗaya na dare ba za ta amfana da laccar ƙarfe takwas ba ko da ta halarta. Mafi dacewa shi ne aikin taimaka wa malami ko ɗakin bincike a cikin jami'a. Ba a lissafa shi cikin yini 140 ɗin nan, babu doguwar tafiya, kuma mai ba da aikin ya san abin da ake nufi da makon jarrabawa.

Karatun kwas da koyon harshe ba iri ɗaya suke cin lokaci ba, kuma a nan ne nake ganin ɗalibai sun fi yin kuskure. Takardar atisayen lissafi tana son zama mai tsawo, awa biyu ko uku a jere, wayar hannu a jaka, domin rabin awar farko tana tafiya ne wajen tuno inda aka kwana. Saboda haka sai ɗalibarmu ta ware manyan zama guda bakwai ko takwas a mako, ta rubuta su a jadawali da sunan kwas da abin da za a gama, ta riƙe su kamar yadda take riƙe lokacin aiki. “Talata, tara zuwa sha biyu, atisaye na biyar” ya fi “zan yi karatu ran Talata” nesa ba kusa ba. Ya kuma fi kyau zaman ya biyo bayan laccar cikin kwana ɗaya ko biyu, tun bayanin malami bai dushe ba.

Harshe kuwa kullum yake so, kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: hadda ba ta zama da zaman yini guda a mako, sai da tilawar asuba da maraice. Cibiyar Goethe ta ƙiyasta cewa kaiwa matakin B1, inda mutum zai iya tafiyar da harkokinsa na yau da kullum, yana buƙatar darasi 350 zuwa 650, kowanne na minti 45. Wanda ya dogara ga aji ɗaya na minti 90 a mako zai shafe fiye da shekara uku kafin ya kai ko da ƙaramin adadin, digirinsa na shekara biyu ya ƙare tuni. Wadda ke ba harshen awa 10 a mako tana iya kaiwa cikin shekara guda. Awa goman ba sai an yanko su duka daga sararinta ba: uku a ajin cibiyar harsuna ta jami'a, sauran bakwai awa ɗaya kowace rana, rabinta da safe a kan tebur don nahawu da rubutu, rabinta a cikin jirgi don bitar kalmomi da saurare. Hausa tana da jinsi biyu, namiji da mace, Jamusanci yana da uku, kuma ba a cika gane su daga siffar kalma ba, don haka kowane suna da jinsinsa ake haddace shi tun ranar farko. Wurin aiki ma aji ne in ana magana da masu saye. Aikin sito inda kowa ke Turanci ko shiru ba ya ƙara ko kalma.

Jadawali ɗaya ba ya ɗaukar zango gaba ɗaya. Laccocin zangon hunturu suna ƙarewa wajen farkon Fabrairu, sai jarrabawa, kuma a kwasa-kwasai da dama wannan jarrabawa guda ita ce dukan makin. Tun a watan Disamba ya kamata ɗalibarmu ta gaya wa mai gidan aikinta cewa za ta rage zuwa yini ɗaya na tsawon mako biyar ko shida, ta rama a hutun Maris lokacin da doka ta yarda a yi cikakken aiki. Jamusanci a wannan lokaci ya sauka zuwa minti 20 a rana, amma kada ya tsaya. In azumi ya faɗo cikin makonnin, kamar yadda ya faru a Fabrairun 2026, zama mai nauyi ya koma bayan sahur.

Alamar cewa tsarin ya fara karkacewa tana bayyana da wuri. In takardun atisaye biyu na kwas ɗaya suka taru ba a taɓa su ba, ko ta zauna a lacca tana kwafe allo ba tare da ta san daga ina aka taso ba, ko barci ya koma awa biyar, lissafin ya ɓaci. Hanyar tabbatarwa ita ce ta rubuta ainihin abin da ta yi da kowace awa har mako guda, ta gwada da abin da ta tsara. Maganin yawanci ragewa ne, domin babu inda za a samo ƙarin awa. Ko ta rage aiki, ko ta ajiye kwas ɗaya ta ɗauki huɗu. Jami'o'i da yawa suna ba da wa'adin janye suna daga jarrabawa ba tare da an lissafa shi faɗuwa ba, kuma wannan wa'adi abin rubutawa ne a bango, domin a wurare da dama sau uku kawai ake yarda a gwada jarrabawa ɗaya, wanda ya faɗi na ƙarshe ya rasa kwas ɗin digirin baki ɗaya. Ofishin baƙi ma yana duba ci gaban karatu kafin ya sabunta takardar zama.

Akwai wani ɓangaren lissafin da ke hannun mutanen gida. Da yawa daga cikin ɗaliban da ke cika awa 20 har su nemi ƙari, saƙon gida ne ke tura su: kuɗin makarantar ƙane, gudummawar biki, ragon Salla. Iyaye da 'yan'uwa, ku sani duk Yuro 100 da ta turo kusan yini guda ne na tsayuwa a wurin aiki, kuma daga awannin karatunta aka yanko shi. Ku ɗaga mata ƙafa a shekarar farko, musamman daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, har ta gama jarrabawa.